Haɗa Gajerun Jimloli da "Wanda" da 'Yan'uwansa

Ɗalibin da ya wuce matakin farko na rubutu yakan jera jimloli gajeru-gajeru, kowace tana maimaita sunan da ta gabanta ta ambata. Ga irin abin da ma'aikaci zai iya sawa cikin rahotonsa: "An gina madatsar ruwa a Goronyo. Madatsar tana tare Gulbin Rima." Ba kuskure a ciki, amma maganar tana ɗingishi. Maganinta shi ne a ɗauki ɗaya daga cikin jimlolin a rataya ta ga sunan da suka yi tarayya a kansa: "Madatsar ruwan da aka gina a Goronyo tana tare Gulbin Rima."

To, a lura da abin da ya sake. "An gina" ya koma "aka gina". Da a ce jimla ta biyu aka rataya, da "tana tare" ne zai koma "take tare". Haka "sun" yake komawa "suka", "yana" ya koma "yake". Mutumin Wurno ko na Rabah "anka" da "sunka" yake cewa a bakinsa, kuma ƙa'idar duk ɗaya ce. Daidaitacciyar Hausa ce kurum ta zaɓi "aka" da "suka". Wanda ya rubuta "madatsar da an gina" ya haɗa jimla bai haɗa lokacinta ba, kunnen Bahaushe kuwa nan take zai ƙi ta. Jimlar korewa kuwa ta huta da wannan sauyi, gama "ba a gina ba" yana nan yadda yake ko bayan "da".

Amma babban hatsarin yana wajen mazaunin da aka ba "wanda". An haifi Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Rabah, ya kuma zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Sai ɗalibi ya haɗa su haka: "An haifi Ahmadu Bello a garin Rabah wanda ya zama Firimiya a 1954." Ashe ya naɗa gari Firimiya bai sani ba! Dalili kuwa, "wanda" yakan kama sunan namiji mafi kusa da shi, "gari" kuma namiji ne. Gyaran shi ne a matso da shi jikin mai shi: "An haifi Ahmadu Bello, wanda ya zama Firimiya a 1954, a garin Rabah." A tarihin Sardauna kowa zai gane nufin marubuci ya yi dariya ya wuce. A takardar rabon gonakin fadama kuwa, inda aka ce "ɗan hakimi wanda ya sayi gona", ba mai sanin ko ɗan ne ya saya ko hakimin, sai an kai ga alƙali.