Jawabin da Aka Yi wa Taron 'Yan Lugu a kan Daɗewar Magani cikin Jiki



An tambaye mu, don me ake shan wani magani sau uku a yini, wani kuwa sai wata-wata? Amsar tana ga abin da likitoci ke kira lokacin raguwar rabi, watau lokacin da hanta da ƙoda ke ɗauka kafin su kau da rabin maganin da ke cikin jini.

Mu kwatanta da hatsi. A ce tiya 16 ce cikin buhu, kowace safiya ana ɗibar rabin abin da aka tarar. Gobe saura 8, jibi 4, gata 2, citta 1. Ɗibar fari babba ce, amma gindin buhu ba ya saurin ƙarewa. Haka magani yake. Sai an raba shi kamar sau biyar kana a ce ya kusa fita duka.

Ga farasitamol. Nasa lokacin wajen awa biyu da rabi ne. Magidanci ya sha ƙwaya biyu, miligiram 1000. Bayan awa biyu da rabi saura wajen 500, bayan awa biyar 250. A nan ciwon kai kan komo, don abin da ya rage bai isa aiki ba, ko da yake ɓurɓushinsa na nan har wajen awa 12. Ashe ƙarewar aiki daban, fita daga jiki daban.

Wanda ya fi damunmu shi ne Kowatam, maganin masassarar cizon sauro. Magani biyu ne cikin ƙwaya guda. Na fari, atimita, mai zafin nama ne, yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar, amma rabinsa kan fita cikin awa biyu zuwa uku. Na biyu, lumefantirin, rabinsa sai kwana uku zuwa shida, shi ke tsayawa ya share sauran. To, ba ya taruwa yadda zai isa wannan aiki sai an sha sau shida cikin kwana uku, tare da nono ko abinci mai mai. Mun sha ganin uwa ta tsai da magani rana ta biyu don jikin yaro ya yi sanyi, ta ɓoye sauran don ƙanensa. Tausayi ne, mun sani, amma bayan sati biyu ko uku masassara na iya komowa.

Iyayenmu, ku kuma ƙodarku ba ta da saurin ta samari, magunguna da yawa kan daɗe a jikinku. In kun ƙara sha tun na fari bai ragu ba, sai ya taru, ga jiri, ga yawan barci. In za ku asibitin Dogon Dutsi ko na Tibiri, ku riƙa kwalin duk abin da kuka sha cikin watan nan, har na ɗan tebur, ku nuna wa likita kafin ya rubuta wani.