Kafin Mu Nemi Ƙarin Malami: Jawabi Ga Taron Reshe



Duk sa'ad da muka kai kukan ƙarancin malamai gaban hukuma, sai a ce mu kawo hujja. Hujjar kuwa ita ce ƙididdigar aikin da ke wuyanmu.

Mu ɗauki sashen lissafi mai azuzuwa 12, kowane aji darasi 5 a mako, jimla 60. Malamai 3 ne. Mai bincike zai raba daidai, ya ce kowa darasi 20, babu giɓi. Alhali ɗayansu shi ne jami'in jarrabawa, darasi 10 kawai yake iya ɗauka. Sauran biyun kowanne na ɗauke da 25, wato azuzuwa 5. In kowane aji ɗalibai 70 ne, littattafai 350 ke jiran jan biro. A minti 2 kowanne, kusan awa 12 ke nan a mako, waɗanda ba sa bayyana a jadawali. Mu rubuta su, mu haɗa da takardar buƙatarmu.

Sai dai mu yi wa kanmu adalci. In muka tarar wani na da darasi 12 ba tare da wani nauyi ba, abokin aikinsa kuma 28, matsalar ta rabo ce. Shugaban sashe ya gyara jadawali tukuna, sannan mu sake ƙirgawa.