Bashin mamaci: wa zai biya, kuma daga ina?

Ga bayanin da aka yi a taronmu, don waɗanda ba su samu zuwa ba.

Mace tana cikin takaba, ko sadakar bakwai ba a yi ba, sai ga mai bin bashi a zaure yana cewa ta sayar da keken ɗinkinta ta biya shi. To, dole ne? A'a. A shari'ar Musulunci, wadda kotunan Shari'a na nan Zariya ke aiki da ita bisa mazhabar Malikiyya, bashi yana kan dukiyar da mamaci ya bari ne, ba kan aljihun matarsa ko 'ya'yansa ba. Ana fara cire kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan a raba gado. Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, ta sa rabon gado bayan bashi da wasiyya.

Mu buga misali. Bayan jana'iza, miji ya bar naira 1,200,000. Mai hatsi yana binsa 300,000, ke kuma kina binsa ragowar sadakinki 100,000. Eh, sadakin da bai cika ba bashi ne, kada kunya ta sa ki yi shiru. An biya 400,000, saura 800,000. In yana da 'ya'ya, tumuninki 100,000 ne, ban da sadakin. In kuna da yawa, tumunin nan ɗaya za ku raba.

Idan dukiyar ba ta kai ba fa? A ce ya bar 300,000, wani na binsa 400,000, wani 200,000. Kowa zai karɓi rabin kuɗinsa: 200,000 da 100,000. Magada ba su samu komai ba, amma ba mai tilasta musu cikon. Kayan ɗakinki, awakinki da jarinki naki ne, ba sa shiga lissafin.

Wuri biyu ne za a iya kama ki. Idan kin tsaya masa lamuni lokacin karɓar bashin, to ya hau kanki. Haka in an raba gado sannan bashi ya tabbata, za a karɓa daga rabonki, iyakar abin da kika samu. Amma don an rubuta sunanki a takardar banki a matsayin makusanciyarsa, wannan ba lamuni ba ne.

Wanda ya biya wa mahaifinsa ko mijinta don Allah, ya kyauta ƙwarai, don bashi nauyi ne a kan mamaci. Sahabi Abu Ƙatada ya ɗauki bashin wani mamaci da kansa, ba wanda ya sa shi.

Duk wanda ya zo da da'awa, ya kawo takarda ko shaidu. A gaban alƙali ma sai ya ƙara da rantsuwa cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba. Kada ki sa hannu ko dangwale a wata takarda kafin waliyyinki ko malamin rabon gado ya karanta miki ita.

A tura wa sauran mata na mazaɓa. Wassalam.