Wa Ya Faɗa? Taƙaita Labarin Jarida Mai Majiyoyi da Yawa



Mu ƙaddara an ba ma'aikaci dogon labarin jarida a kan ƙarancin takin zamani, aka ce ya taƙaita wa Babban Sakatare. A cikin labarin, jami'in gona ya ce an raba taki, manomi ya ce bai gani ba, dillali kuma ya ɗora laifin a kan lalacewar hanya. Shi ɗan jarida abu ɗaya ya gani da idonsa: ya tarar da sito a kulle.

Kafin ma'aikacin nan ya ɗora alƙalami, wajibi ne ya bi labarin jimla-jimla yana tambaya: wa ya faɗa? In ya rubuta “an raba taki” kurum, to, ya mai da iƙirarin jami'i tamkar abin da jarida ta tabbatar, kuma a kansa Babban Sakatare zai yanke shawara. Daidai shi ne ya rubuta “an raba taki, in ji jami'in gona”, kulle sito kuwa ya jingina shi ga ɗan jarida.

Amma a yi hattara da kalmar “wai”, domin tana ɗauke da shakka. Wanda ya sa ta inda ɗan jarida bai sa ba, ya cusa ra'ayinsa ke nan.