SHIRUN MATARKA BA YARDA BA CE

A wani zaman karatu da 'yan'uwa matasa na Kankia da Kusada suka halarta, malamin da ya gabatar da jawabi ya taɓo matsalar gidan da miji da mata duk suke fita aiki.

Bayan salati ga Manzon Allah (S), malamin ya buga misali da ɗan'uwa mai koyarwa a firamare a Kusada, matarsa kuma ma'aikaciyar asibiti a Kankia, suna da 'ya'ya uku. Ya ce a zo a yi lissafi. Ita daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 7 da rabi tana hura wuta, ta dama koko, ta yi wa yara wanka. Ta dawo ta ɗora tuwo, ga wanki, ga wanke-wanke, wajen awa huɗu. Awa shida da rabi ke nan bayan aikin albashi. Shi kuwa ya ci abinci, ya miƙe ƙafa, bayan La'asar ya wuce majalisa.

Ya ce irin wannan mata ba ta fara da faɗa. Za ka tambaye ta, ta ce "ba komai". Hira ta ragu, tsawar da take wa yara ta ƙaru, sai gori kan albashinta da ke shiga cefane. Ranar da ta yi yaji, sai ɗan'uwa ya ce asiri aka yi masa!

Malamin ya tunatar cewa ciyarwa a kan miji take, albashin mace nata ne. A Risala ta Ibn Abi Zaid ma, mai wadata shi zai samar wa matarsa mai aiki. Kuma Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzo (S) yakan yi wa iyalinsa hidima, in lokacin salla ya yi ya fita.

Game da rabon, ya ce kada ka jira sai ta roƙa, don roƙon ma gajiya ne. Ka ɗauki aiki dungurungum ya zama naka: ruwa, itace, kai niƙa, wankin kayanka, kai yara makaranta da Islamiyya. Ba ka sayo itace yau ba, gobe sai an tuna maka. In ruwa naka ne, kai za ka leƙa randa kafin ta ƙafe. Makon da take aikin dare kuwa, wankan yara da kokonsu sun dawo hannunka.

Ya gargaɗi masu sauke nauyin a kan babbar 'yarsu, yarinya 'yar shekara tara ta koma uwar gida, karatunta ya lalace.

Da wani ɗan'uwa ya ce ai za a kira mutum mijin-ta-ce, malamin ya ce ya fara wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi tun kafin magana ta je mata daga bakin wasu. 'Yan majalisa kuwa, in ji shi, bayan sati biyu za su samu wani abin zancen.