Kafin Ka Miƙa Fassararka



Yau maganata da mai fassara ce. Ka gama aikinka? Kada ka miƙa tukuna. Bar shi ya kwana.

Da safe, rufe takardar Turancin. Karanta Hausarka da murya, yadda za ka karanta wa mahaifiyarka. Inda harshenka ya sarƙe, to a nan matsalar take.

Na taɓa fassara wata takardar magani. Na rubuta, "A ɗauki ƙwaya biyu." Ido ya wuce, amma kunne ya ƙi. Bature ne ke ɗaukar magani. Bahaushe sha yake yi. Kalmomin namu ne, ginin na Turanci ne. Haka wanda ya rubuta "biya ziyara", alhali ziyara kai ta ake yi.

Sai dai kunne ba ya jin abin da ba a rubuta ba. Don haka buɗe Turancin, ka bi shi da yatsa, jimla bayan jimla. A takardar nan tawa, layi biyu sun ƙare da kalma ɗaya, idona ya tsallake guda. Layin da na tsallake shi ne wanda ya hana mai juna biyu shan maganin.

Mai fassara, karanta da murya, sannan ka bi da yatsa.