Yadda Ake Auna Girman Janareton Ƙaramin Asibiti

Jama'a, abin da ya fi rikita masu sayen janareto shi ne, inji mai mota yakan ja wuta sa'ad da yake tashi fiye da yadda yake ja bayan ya kama aiki. Famfon rijiyar burtsatse yakan ja kamar ninki biyar na 'yan daƙiƙu. Idan janareto ya gaza a wannan ɗan lokaci, sai fitilu su dushe, muryarsa ta yi ƙasa, famfo ya yi ta gurnani bai juya ba.

A ɗauki misalin ƙaramin asibiti a Nassarawo ta ƙasar Mubi, cikin Jihar Adamawa. A ce fitilunsa suna cin wat 200, fankoki 450, firjin allurar rigakafi 150, na'urar iskar numfashi 350, tukunyar dafa kayan aiki 2,000, famfo kuwa 1,100. Jimla wat 4,250 ke nan. Mai gaggawa sai ya ce janareto mai kilowat 5 ya isa. To, bai isa ba. Tashin famfo kaɗai zai nemi wajen kVA 7, watau ma'aunin da ake rubutawa a jikin janareto. In kuwa aka tashe shi bayan sauran kaya suna aiki, buƙata za ta kai wajen kVA 11. Saboda haka famfo ake fara kunnawa, sa'an nan sauran su biyo ɗaya bayan ɗaya. Da wannan tsari, janareto mai kVA 10, wanda ke ba da kilowat 8, zai ɗauki asibitin, har da rarar da zafin bazarar Mubi zai ci, domin iska mai zafi tana rage wa inji ƙarfi.

Irin wannan inji, da rabin kaya, yana shan kimanin lita ɗaya da rabi ta man dizal a awa. Awa takwas kullum lita 12 ke nan, lita 360 a wata. Lalle a rubuta awoyi da mai a littafi. In lissafi ya saɓa, ko inji na da ciwo, ko mai na bin wata hanya.

Da dare kuwa, firji da fitilu da na'urar numfashi wat 700 kurum suke ci. Injin dizal da ya daɗe yana aiki da ƙasa da sulusin ƙarfinsa ba ya ƙone mai sosai, har baƙin maiƙo ya riƙa ɗiga daga salansa. Gara a bar wa batir da hasken rana aikin dare.

Janareton ko-ta-kwana kuma dole ya bi ta makunnin sauya layi, don kada wutarsa ta koma kan wayar gari ta kama mai gyara. A tashe shi ba kaya, ya ɗan ɗumama, kana a sauya. Kowane mako a gwada shi rabin awa da kaya a kansa, ko da wutar gari ba ta ɗauke ba.